Babur Mai Lantarki: Me Ya Sa Yake Ɗaukewa a Kan Tudu Alhali Caji Bai Ƙare Ba?

Duk wanda babur mai lantarki ya kwana biyu a hannunsa ya san wannan ciwon kai, ko dai ya ji shi a bakin wani. Babur na tafiya lafiya lau a miƙaƙƙen titi, allon gabansa na nuna sanda uku cikin biyar na caji. Ana isowa gindin gadar sama, ko kuwa an ɗauki wani a baya an murɗa totur da ƙarfi, sai komai ya mutu ɗif. Inji ya yi shiru, fitila ta ɗauke, allon ma ya yi baƙi ƙirin. A kashe makulli a sake kunnawa, wani lokaci ya dawo kamar ba abin da ya faru, wani lokaci kuma ya ƙi motsi sam sai an gungura shi gida an jona masa caja. Da cajar ta taɓa shi na 'yan daƙiƙu, sai ya farfaɗo.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, waɗannan babura da ƙananan sikuta sun fara yawa a titunan biranenmu, masu gyaransu kuwa akasari daga gyaran janareto ko na'urar sola suka tsallako. Shi ya sa idan aka kai musu wannan matsala, hukuncin da aka fi ji guda biyu ne: ko a ce batir ya mutu a sayi sabo, ko a ce allon da ke cikin batirin ne ya lalace, a cire shi. Na farko yakan ci kuɗin da bai zama dole a kashe ba. Na biyu kuwa yana iya cin gida.

A mafi yawan lokuta allon nan lafiyarsa ƙalau. Aikinsa yake yi. Akwai wani ɓangare guda a cikin batirin da ya gaji kafin sauran, shi allon yake gani, allon gaban babur kuwa ba ya ganinsa.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin litiyom na babur ba dunƙule guda ba ne. Idan aka buɗe akwatin aka yaye robar da ta naɗe shi, ƙananan ƙwayoyi za a tarar jere reras, kowace kamar batirin tocila amma ta ɗan fi shi tsawo. Wadda aka fi amfani da ita ana kiranta 18650, kaurinta milimita 18, tsawonta milimita 65. Kowace ƙwaya idan ta cika tana nuna bolt 4.2, a tsakiyar aikinta tana wajen 3.6 zuwa 3.7, kuma masu ƙera ta ba sa son a sauke ta ƙasa da 2.5.

Ƙwaya ɗaya ba ta iya tura babur, don haka ake haɗa su ta hanya biyu. Da farko a tara wasu kafaɗa da kafaɗa, kawunansu a haɗe, gindinsu a haɗe, da siririn ƙarfen nikel da aka yi wa walda. Wannan shi ne rukuni. Duk ƙwayoyin da ke cikin rukuni ƙarfin wutarsu ɗaya ne, suna raba nauyi a tsakaninsu, suna kuma tara ajiyarsu wuri guda. Daga nan sai a jera rukunonin, kan wannan a gindin wancan, domin ƙarfin ya hauhawa. Rukuni 10 su ne batirin da ake rubuta wa 36V, wanda ke cika a bolt 42. Rukuni 13 su ne 48V, mai cika a 54.6. Rukuni 20 su ne 72V, mai cika a 84. Ƙaramar sikutar nan ta tsaye ta kamfanin Xiaomi, M365, wadda ta bazu a duniya, ƙwayoyi 30 ke cikinta: rukuni goma, kowane da ƙwaya uku.

Abin lura a nan shi ne, wutar da inji ke ja tana ratsa kowane rukuni daidai wa daida. Idan inji ya nemi amfiya 30, rukuni na ɗaya zai ba da 30, na goma sha uku ma 30. Babu mai rage wa wani. Mai ƙarfi da rarrauna kaya ɗaya suke ɗauka.

A gefen ƙwayoyin akwai allon kariya, wanda ake rubuta wa BMS. Daga jikinsa siraran wayoyi suka fita, kowace ta tafi mahaɗar rukuni biyu, ta yadda yake karanta kowane rukuni shi kaɗai. Shi ne madugun ayarin: ba ya duba ƙarfin raƙuma a jimlace, wanda ya fi gajiya yake kallo, kuma da ya ga ɗaya zai durƙusa sai ya tsayar da tafiyar baki ɗaya. Idan wani rukuni ya sauka ƙasa da iyakar da aka sa masa, wadda a alluna da yawa takan kasance tsakanin bolt 2.5 da 3.0, sai ya yanke wuta. Haka yake yi idan wani ya haura wajen 4.25 a lokacin caji, ko wutar da ake ja ta fi ƙarfinsa, ko zafi ya yi yawa.

Inda cajin yake ɓuya

Kowace ƙwaya, ko sabuwa ce fil, ƙarfinta yakan ɗan sauka a lokacin da ake jan wuta daga gare ta, ya kuma dawo idan an sake ta. Akwai wata 'yar turjiya a cikinta da ke cin wani kaso na ƙarfin, kuma gwargwadon yawan wutar da ake ja, gwargwadon saukar. Ƙwaya tana tsufa, turjiyar tana ƙaruwa. Tana kusa da ƙarewa ma, turjiyar tana ƙaruwa. Wannan ne ya sa matsalar ba ta bayyana a miƙaƙƙen titi, inda inji ke shan amfiya takwas ko goma, sai a hawa tudu ko tashi daga tsaye da kaya, inda yake neman duk abin da kwantarola za ta iya ba shi.

Bari mu ɗauki batir guda mu bi shi daki-daki. Na 48V ne, an rubuta masa 20Ah, wato rukuni 13, kowane da ƙwaya takwas masu ajiyar 2.5Ah, ƙwayoyi 104 ke nan. Kwantarolar babur ɗin tana jan amfiya 30 idan an murɗe totur, allon kariya kuma an saita shi ya yanke a bolt 2.8 ga kowane rukuni.

A rukuni na tara, ƙwaya uku sun daina aiki. Yadda hakan ke faruwa ba baƙon abu ba ne. Girgizar hanya takan tsinke waldar nikel ɗin, ƙwayar tana nan a mazauninta amma ba ta haɗe da kowa. Wata kuma tana da 'yar kariya a ƙarƙashin hularta, wadda ke ɓallewa idan iska ta taru a ciki, daga nan ba ta sake ba da wuta har abada. Saura biyar ke nan a rukunin. Ajiyarsa ta faɗo daga 20Ah zuwa 12.5Ah a mafi yawa, kuma a kan tudu, maimakon kowace ƙwaya ta ɗauki amfiya 3.75, yanzu 6 take ɗauka. Ta fi sauran zafi, ta fi su saurin tsufa, raunin yana ciyar da kansa gaba.

Da safe an cire caja, komai a cike, babur na gudu kamar sabo. Bayan an sha kusan 11Ah, rukunoni goma sha biyu masu lafiya suna da saura kusan rabi. Na tara kuwa ya kusa kaiwa gindi. Idan aka tsaya aka auna, masu lafiyar kowane na nuna 3.66, na tara na nuna 3.31. A tara su duka, bolt 47.2 ke nan. Allon gaban babur jimlar kawai yake gani, 47.2 kuwa a wurinsa batir ne mai sauran tafiya, sai ya nuna sanda uku hankali kwance.

Yanzu ga gadar sama. An murɗe totur, amfiya 30 ta ratsa. Masu lafiya sun ɗan sunkuya zuwa 3.50. Na tara ya rufta zuwa 2.78. Jimla har yanzu bolt 44.8 ce, ita kuwa kwantarola a irin wannan babur sai jimlar ta sauka wajen 40 take janye hannu, don haka ba ta ga laifin komai ba. Allon kariya ne kaɗai ya ga 2.78, ya ga ta gaza 2.8, ya yanke. Ana yankewa, nauyi ya sauka, na tara ya koma sama da 3.2. Mai babur ya duba bai ga dalili ba, mai gyara ma ya ɗora mita a bakin batir ya ga 47, ya ce, "Alhaji, batirinka fa da sauransa, wannan allon ne ke maka wasa."

Alamar da ta fi tona asirin wannan cuta ita ce lokacin da take zuwa. Da cikakken caji babur yana haye tudun nan lafiya. Sai caji ya yi rabi yake ɗaukewa a wurin. Wata biyu gaba, tun yana sanda huɗu zai fara. Nisan da ake samu kafin yankewar farko yana raguwa a hankali, alhali allon gaba bai taɓa nuna batir ya ƙare ba.

Kafin a ɗora wa batir laifi

Ba kowace ɗaukewa ce daga rarraunan rukuni ba, kuma mai babur da kansa yana iya rage zato tun kafin ya je wurin gyara, idan ya lura da abu biyu: shin allon gaba ya mutu tare da injin, kuma a wane mataki na caji abin ke faruwa.

Idan inji ya tsaya amma allon gaba da fitila suna nan a kunne, batir bai yanke ba. A nemi matsalar a kwantarola, ko totur, ko ɗan makunnin da ke jikin hannun birki, wanda aikinsa kashe inji idan an kama birki, kuma yakan maƙale. Idan kuwa komai ya mutu a lokacin da aka faɗa rami, ba a lokacin da aka murɗa totur ba, to a duba soket ɗin batir, da mazaunin fis, da makulli. Soket da ya saki yakan nuna kansa: robarsa ta yi baƙi ko ta narke, ƙarfensa ya dafe, bayan tafiya kuma a taɓa shi a ji zafi.

Akwai kuma yankewar da ke zuwa ko da batir ya cika maƙil, duk lokacin da aka finciki totur. Wannan galibi wutar da ake ja ce ta fi ƙarfin allon kariya. Ana yawan ganinta bayan an canza kwantarola. Ta asali ta ƙone, ko mai babur yana son ƙarin gudu, aka sa mai jan amfiya 45 a kan batirin da allonsa na 30 ne. Nan ƙwayoyin ba su da laifi, kuma sa babban allo ba lallai ya zama magani ba, domin su kansu ƙwayoyin da nikel ɗin da ya haɗa su an auna su ne da ƙaramar kwantarolar. Sai ta zafi: tana zuwa ne bayan doguwar tafiya da tsakar rana, ba ta dawowa da kashe makulli, sai babur ya huce a inuwa.

Wani abin da ke ɓata wa masu gyara lokaci shi ne gwaji a kan jak. A ɗaga tayar baya sama a murɗe totur, taya ta yi ta wulwulawa, a ce ga shi nan lafiya lau. Tayar da ba ta taka ƙasa ba wuta kaɗan take sha. Ciwon da nauyi ke tayarwa ba ya fitowa sai da nauyi.

Abin da mita ke faɗa

Daga nan aiki ya koma hannun wanda ya san batir, domin buɗe akwatin ba wasa ba ne. Ƙarfen sukurdireba ko zoben hannu da ya haɗa wuri biyu yana iya yin ja wur nan take.

Awon farko a bakin allon ake yi, a lokacin da babur yake mace. Akwai kauraran wayoyi biyu a jikin allon, ɗaya an rubuta mata B-, ita ce ta fito daga ƙwayoyi, ɗayar P-, ita ce ke fita zuwa babur. Idan daga kan batir zuwa B- ana samun 47, amma zuwa P- babu komai ko wata 'yar lamba ce da ke rushewa da an kunna fitila, an tabbatar allon ne ya rufe ƙofa. Saura a san dalilinsa.

Sai a koma kan soket ɗin siraran wayoyin. A batir mai rukuni 13, wayoyi 14 ne, a auna kowace da maƙwabciyarta, a rubuta lambobi goma sha uku a takarda. Bakunan soket ɗin suna kusa da juna ƙwarai, don haka tsinken mita ya zama siriri, a kuma naɗe jikinsa da tef sai ɗan bakinsa kawai. Wasu batiran na zamani sun hutar da mutane wannan wahala, allonsu yana magana da wayar hannu, a ga kowane rukuni a manhaja, har da dalilin yankewar ƙarshe, wanda yakan fito da rubutu irin Cell undervoltage.

Lokacin awon ya fi awon kansa muhimmanci. Wanda ya auna da safe bayan cikakken caji yana iya ganin goma sha ukun duk sun yi kusa da 4.2, ya rantse batir lafiya yake. Rukunin da ya rasa ƙwaya uku ma yana cika, ai ƙaramin mazubi ya fi saurin cika. A auna sau biyu: sau ɗaya a cike, sau ɗaya jim kaɗan bayan babur ya ɗauke a hanya, kafin a jona caja. Idan da hali a ƙara na uku da nauyi a kai. Ƙwan fitilar mota huɗu masu wat 55 da aka jera kai da gindi suna jan amfiya huɗu da wani abu daga batirin 48V, kuma ko wannan ɗan nauyin ya isa a ga rukunin da saukarsa ta ninka ta sauran sau biyu ko uku.

A al'adar masu wannan aiki, idan tazarar da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa ba ta wuce 0.03 ba, babu damuwa. Idan ta kai 0.1, akwai magana. Amma fasalin tazarar ne ke faɗin irin cutar. Rukunin da yake ƙasa da kowa bayan tafiya, amma a ƙarshen caji ya kamo sauran ko ma ya wuce su, ajiyarsa ce ta ragu, irin na taran nan namu. Wanda kuwa yake ƙasa a wofi, yake kuma ƙasa a cike, misali sauran na 4.19 shi yana 4.02, wataƙila lafiyarsa ƙalau, baya kawai aka bar shi. Idan kuma lambar wani rukuni tana tsalle-tsalle, ko ta yi ƙasa sosai a soket alhali a jikin ƙwayoyin daidai take, siririyar wayar ce ta saki, allon yana yanke wuta ne a kan labarin ƙarya. Gyaran wannan ɗigon dalma ne kawai.

Duk waɗannan lambobi na ƙwayoyin da ke cika a 4.2 ne. Akwai wani nau'in litiyom da ake rubuta wa LiFePO4, irin wanda ya yi yawa a batiran sola, kuma ana samunsa a manyan babura. Shi a 3.65 yake cika, kuma kusan duk tsawon aikinsa yana zaune tsakanin 3.2 da 3.3, don haka awon tsakiyar caji ba ya nuna komai a kansa, sai a cike ko dab da ƙarewa. Baburan da ke ɗauke da batiran dalma huɗu ko biyar masu 12V kuwa yawanci ba su da allon kariya ko kaɗan. Su ma guda ɗaya yakan gaji ya ja sauran ƙasa, amma kwantarola ce ke yankewa.

Laifin wutar da ba ta zama

Rukunin da aka bari a baya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yanayinmu yana haifar da shi fiye da na wasu ƙasashe. Allon kariya yana da hanyar daidaita rukunoni, amma mai rauni ce ƙwarai. A alluna masu araha, sai rukuni ya kusa 4.2 allon yake fara zubar masa da 'yar wuta ta cikin ƙaramin resista, domin na baya su samu su kamo. Abin da yake zubarwa bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya ba, ko kusa da haka. Idan wani rukuni yana baya da 2Ah, ana bukatar wajen awa 40 batir yana zaune a saman caji kafin a cike giɓin.

To a gidan da wuta ke zuwa awa uku ta ɗauke, ko ake caji da janareto ana kallon mai yana ƙonewa, wa zai bar caja a jone bayan babur ya samu abin da zai kai shi kasuwa? Sai a yi watanni batir bai taɓa kaiwa inda daidaitawa ke farawa ba. 'Yar tazarar da ba ta taka kara ta karya ba tana taruwa mako bayan mako. Ƙarshenta batir ya shiga tsaka mai wuya: a caji, rukunin da ke gaba ya riga kowa taɓa iyaka, allo ya tsayar da caji, fitilar caja ta koma kore da wuri; a hanya kuma na baya ya riga kowa faɗuwa. An matse shi sama da ƙasa, alhali babu ƙwaya ko ɗaya da ta mutu.

Caja ma tana da nata hannu. Batir mai rukuni 13 yana bukatar caja mai fitar da 54.6. Idan ta gaji tana tsayawa a 53, kowane rukuni bai wuce 4.08 ba, daidaitawa ba za ta taɓa farawa ba. A ɗora mita a bakin caja kafin a buɗe batir, minti ɗaya ne.

Idan tazarar ƙarama ce, barin caja a jone na wasu awanni bayan ta nuna kore, a yi haka sau da yawa, da rana, a fili, mutum yana kusa, yakan gyara ta. Idan babba ce, mai gyara zai caja rukunin shi kaɗai da ƙaramar caja mai tsayawa a 4.2 har ya kamo sauran. Daga nan sai gwajin haƙuri: a ajiye batirin kwana uku ko huɗu ba a taɓa shi ba, a sake aunawa. Idan rukunin ya tsaya tare da 'yan uwansa, an gama. Idan ya sake zamewa shi kaɗai, akwai ƙwayar da ke yoyo a cikinsa, tana shanye kanta tana shanye na kusa da ita. Wannan ba ta da magani sai cirewa, kuma ita ce irin da ba a so a kwana da ita a ɗaki.

Gyaran gaskiya da gyaran ganganci

Rukunin da ya raunana ana canza shi ne gaba ɗaya, ba a tsinci ƙwaya uku a cusa sababbi cikin tsofaffi biyar da suka sha wahala ba. Sababbin su zama iri ɗaya, ajiyarsu kada ta gaza ta sauran rukunonin, a kuma kawo su daidai da ƙarfin sauran kafin a haɗa. Da injin walda na ɗigo ake manna nikel, ba da ƙarfen dalma ba, domin zafin da ƙarfen dalma ke zubawa a kan ƙwaya yana lalata abin da ke cikinta. Ƙwayoyin da ake ɓarewa daga tsofaffin batiran kwamfutar hannu, waɗanda suka cika kasuwa saboda arha, an yi su ne don ƙaramar wuta. Mita za ta nuna 4.2 a kansu, amma a ɗora musu amfiya shida a ga yadda za su durƙushe. Batiran da aka haɗa da irinsu tun farko su ne suka fi kawo wannan ƙara, wani lokaci tun suna sababbi a ido.

Idan awo ya nuna rukuni uku ko huɗu sun bi sahun na tara, ko an ga tsatsa da alamar ruwa ya shiga, a ra'ayina kuɗin gyara asara ne. Yau a canza wannan, wata mai zuwa wancan ya faɗi. Nan kam wanda ya ce a sayi sabo ya yi gaskiya.

Saura gyaran da ya fi kowanne sauƙi, wanda kuma ya fi kowanne muni. A ɗauki guntuwar waya mai kauri a haɗa B- da P-, wuta ta tsallake allon. Babur ya daina ɗaukewa nan take, mai shi ya biya yana godiya. Mu koma kan batirinmu mu ga abin da zai biyo baya. Na tara ya wuce 2.78 yana ci gaba da sauka, babu mai tsayar da shi sai kwantarola, ita kuma tana jiran jimla ta kai 40. Rukunoni goma sha biyu masu lafiya, ko sun sauka 3.45 kowane, sun ba da 41.4 su kaɗai. Ma'ana na tara zai iya kaiwa sifili kwantarola ba ta sani ba, daga nan ma sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye. Ƙwayar da aka sauke haka, jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa a ruwan batirin, idan aka sake caji sai ya taru inda bai kamata ba, yana iya huda siririn labulen da ya raba ɓangarorinta biyu. Ranar da ya huda, ƙwayar za ta ɗau zafi da kanta, ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba. A allunan da caji da fitar wuta ke bi ta ƙofa ɗaya, wayar nan ta kuma cire mai tsayar da caji idan wani rukuni ya cika ya wuce kima.

Gobarar irin wannan batir ba ta ba da lokaci. A birnin New York, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga batiran litiyom a shekarar 2023, mutum 18 suka rasu. A London, tun watan Disambar 2021 aka hana shiga jiragen ƙasa da motocin bas na birnin da sikuta mai lantarki, bayan wasu sun kama da wuta. Waɗannan ƙasashe ne masu sanyi. Mu nan a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, su kuwa masu ƙera ƙwayoyin yawanci digiri 45 suka sa a matsayin iyakar caji, wadda batirin da ya dawo daga tafiyar rana ya riga ya wuce. A bar shi ya huce kafin a jona. Kuma a gidajenmu da yawa, zaure ne makwancin babur, zauren nan kuma shi ne ƙofar fita ɗaya tilo ga duk mutanen gida.

Idan baburinka ya fara ɗaukewa a kan tudu, sassauta totur ka lallaɓa shi gida, kada ka yi ta kashewa kana kunnawa kana tilasta masa, domin kowane zagaye ƙara danne rarraunan rukunin yake yi. Kai shi wurin gyara a yadda yake, kafin ka yi caji, ka ce a auna maka rukunonin ɗaya bayan ɗaya a rubuta a gabanka. Mai gyaran da ya ce zai haɗa maka kai tsaye ba tare da ya nuna maka lambobin nan ba, karɓi batirinka ka nemi wani.